Zane Biyu, Abu Ɗaya? Yadda Ake Gane Giraf Ko da Ya Sauya Kama

Samu takarda da biro ka ɗiga ɗigo biyar a kewaye, ka sa musu suna A, B, C, D, E. Ja layi daga A zuwa B, daga B zuwa C, C zuwa D, D zuwa E, sannan E ya dawo A. Abin da ya fito zobe ne mai kusurwa biyar. A gefensa sake ɗiga wasu biyar ɗin, ka ba su lamba 1 zuwa 5, amma a wannan karon kowane layi ya tsallake ɗigo ɗaya: 1 zuwa 3, 3 zuwa 5, 5 zuwa 2, 2 zuwa 4, 4 zuwa 1. Tauraro ne zai fito, irin wanda yara ke zanawa a bayan littafi.

Duk wanda ka nuna wa zai ce zane biyu ne daban. A wajen masu lissafi kuwa abu ɗaya ne, kuma hujjarsu ba ta da tsawo. Ka sa A a matsayin 1, B a matsayin 3, C a matsayin 5, D a matsayin 2, E a matsayin 4. Yanzu bi layukan zoben ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kowanne ya faɗa daidai kan wani layi na tauraron, babu wanda ya yi saura ta kowane ɓangare. Wuraren da layukan tauraron suka gitta juna ba a lissafa su, domin ba ɗigo ba ne.

Irin wannan zane na ɗigogi da layuka shi masu lissafi ke kira giraf, kuma ba shi ne giraf ɗin hawa da saukar farashi da ake gani a jarida ba. A nan ba ruwanmu da tsawon layi, ko lanƙwasarsa, ko inda aka ajiye ɗigo a takarda. Abu ɗaya ake dubawa: wane ɗigo ne ke haɗe da wane. Ɗigogin na iya zama garuruwa, layukan su zama hanyoyi. Suna iya zama ƙwayoyin zarra a cikin sinadari, ko sassan da aka haɗa da waya a cikin na'ura. Ana cewa giraf biyu ɗaya ne idan za a iya jera ɗigogin wannan kusa da na wancan, kowanne da abokinsa, ta yadda duk biyun da ke haɗe a nan abokansu ma suna haɗe a can, waɗanda ba sa haɗe kuma abokansu ba sa haɗe.

Faɗar ƙa'idar ba wuya, nemo jerin ne aiki. Idan ɗigo shida ne, hanyoyin haɗa su da abokai 720 ne. Idan goma ne, 3,628,800. Da an kai ashirin, adadin ya haura biliyan sau biliyan har sau biyu, kuma kwamfutar da ke gwada biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa za ta shafe kusan shekara 77 kafin ta gama. Ɗigo ashirin kuwa ƙaramin giraf ne. Shi ya sa ba wanda ke farawa da gwaji ɗaya bayan ɗaya. Ana farawa ne da neman siffofin da ba sa sauyawa komai yadda aka juya zanen ko aka sake wa ɗigoginsa suna.

Ƙirga layukan da ke bakin kowane ɗigo

Siffofi biyu mafiya sauƙi su ne yawan ɗigogi da yawan layuka. Giraf mai layi tara ba zai taɓa zama ɗaya da mai layi goma ba, magana ta ƙare. Ta uku ta fi su amfani. A je kan kowane ɗigo a ƙirga layukan da suka taɓa shi, wannan adadi shi ne darajar ɗigon. Sai a rubuta darajojin duka a jere daga babba zuwa ƙarami, a samu abin da ake kira jerin daraja. Zobenmu da tauraronmu duka 2, 2, 2, 2, 2 suke bayarwa.

Wannan ƙirge tsoho ne. Da shi Leonhard Euler ya warware batun gadoji bakwai na birnin Königsberg a 1736, inda yankunan birnin huɗu ke da daraja 5, 3, 3, 3. Lura cewa jimillarsu 14 ce, wato ninkin bakwai. Haka abin yake kullum, tunda kowane layi baki biyu gare shi, ana ƙirga shi sau biyu. Don haka idan ka tara darajojinka ka samu adadin da ba ya rabuwa biyu, kada ka ci gaba, koma ka sake ƙirge, ka tsallake wani layi.

Me ya sa jerin daraja ba ya sauyawa? Saboda idan A yana da maƙwabta uku, abokinsa a ɗaya giraf ɗin dole ya kasance da uku, su ne abokan waɗancan ukun. Idan jerin ya bambanta, babu yadda za a yi haɗin ya yiwu.

Masu ilimin sinadarai sun daɗe suna cin moriyar wannan. Iskar gas ta girki tana ɗauke da wani sinadari mai suna butan, mai ƙwayar kabon huɗu da haidurojin goma, ana rubuta shi C4H10. Akwai ɗan'uwansa aisobutan, wanda ake zubawa a firiji da yawa na zamani don sanyaya su, shi ma C4H10 ne. Kayan haɗinsu ɗaya, amma butan yana tafasa a kusan rabin digiri ƙasa da sifili, aisobutan kuwa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili. Zana ƙwayoyin kabon kaɗai, ka bar haidurojin, sirrin zai fito. A butan huɗun suna jere kamar sarƙa, darajarsu 2, 2, 1, 1. A aisobutan ɗaya ne a tsakiya yana riƙe da uku, darajarsu 3, 1, 1, 1. Jeri ya bambanta, giraf ya bambanta, kuma ba a gwada haɗi ko ɗaya ba.

To idan jerin ya zo daidai fa? Nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa. Abin kamar cigiyar akuya ne: idan taka ja ce mai ƙaho, wadda aka tsinta kuwa fara ce, ba sai an kira shaidu ba, ba taka ba ce. Amma idan wadda aka tsinta ita ma ja ce mai ƙaho, wannan bai mallaka maka ita ba, jajayen awaki masu ƙaho sun cika gari. Siffar da ba ta sauyawa tana iya cewa "a'a" da cikakken ƙarfi. "E" kuwa ba ta da ikon faɗa, iyakarta ta ce ba ta ga bambanci ba.

Ana iya ganin inda gwajin ke fara gazawa da ƙidaya. Da ɗigo huɗu, giraf iri 11 ake iya ginawa, jerin daraja ma 11 ne, kowanne da nasa, don haka a nan gwajin ba ya kuskure. Da ɗigo biyar akwai giraf 34 amma jeri 31 kawai. Da shida, giraf 156 ne ke rabon jeri 102. Da bakwai, giraf 1,044 ne a kan jeri 342. Tun daga ɗigo biyar tukunyar ta fara yoyo. Ga misali mafi ƙanƙanta: sarƙa mai ɗigo biyar a jere tana da 2, 2, 2, 1, 1, haka ma alwatika da aka ajiye wa layi guda mai ɗigo biyu a gefe. Na farko a haɗe yake gaba ɗaya, na biyu gutsure biyu ne. Yawan gutsattsarin giraf shi ma siffa ce da ba ta sauyawa, kuma ita ta raba gardama a nan.

Tambayar maƙwabta

Mu koma ga sinadarai, domin akwai misalin da ya cancanci a bi shi a tsanake. Cikin sinadaran da ake rubutawa C6H14 akwai biyu masu suna 2-metilfentan da 3-metilfentan. Kowannensu sarƙa ce ta kabon biyar, da kabon na shida rataye a gefe kamar reshe. A na farko reshen yana kan ƙwaya ta biyu, a na biyu yana kan ta uku, wato tsakiyar sarƙar. Zana su ka ƙirga. Ɗigo shida shida, layi biyar biyar. Jerin daraja 3, 2, 2, 1, 1, 1 a duka biyun. Duka a haɗe suke, babu zobe a cikin ko ɗaya, kuma doguwar hanya a cikin kowanne ɗigo biyar ce. Gwaji shida ke nan, babu wanda ya ga komai. Amma sinadaran daban ne, ɗaya yana tafasa a wajen digiri 60, ɗayan a wajen 63.

Dabarar ita ce a daina tambayar ɗigo darajarsa kaɗai, a tambaye shi darajar maƙwabtansa. A kowane zane ɗigo ɗaya ne tak mai daraja 3, don haka idan akwai haɗi, dole waɗannan biyun su zama abokan juna. A 2-metilfentan maƙwabtansa su ne bakin sarƙa, da reshe, da ƙwaya ta uku, darajarsu 1, 1, 2. A 3-metilfentan maƙwabtansa su ne reshe, da ƙwaya ta biyu, da ta huɗu, darajarsu 1, 2, 2. Ba su zo daidai ba, saboda haka haɗin ba zai yiwu ba.

Wannan dabara ana iya mayar da ita tsari da kwamfuta za ta bi. A fara da shafa wa ɗigogi launi bisa darajarsu: masu daraja 1 fari, masu 2 shuɗi, masu 3 ja. A zagaye na gaba kowane ɗigo ya dubi launinsa da launukan maƙwabtansa. Idan ɗigo biyu launinsu ɗaya amma na maƙwabtansu ya bambanta, a raba su, a ba kowanne sabon launi. A ci gaba da zagayawa har a kai inda babu wanda ke sake rabuwa. Ana yi wa giraf biyun tare da ƙa'idar launi guda, kuma da zarar wani launi ya fi yawa a wannan fiye da wancan, an gano ba ɗaya ba ne. A kowane zagaye labari yana ƙara tafiya taku ɗaya, ɗigo ya ji na maƙwabci, sannan na maƙwabcin maƙwabci. Ana kiran tsarin tace launi. H. L. Morgan ya yi amfani da dabara irin wannan a 1965 don tsara rajistar sinadarai a Amurka, kuma a yau an fi danganta ta da Boris Weisfeiler da Andrei Leman, waɗanda suka wallafa wata mai ƙarfi fiye da ita a tarayyar Sobiyet a 1968.

Ƙarfin tace launi ya wuce yadda mutum zai zata. Idan giraf bishiya ce, wato a haɗe yake kuma babu zobe a cikinsa, kamar sinadaranmu biyu, tace launi ba ya kuskure a kansa ko kaɗan. Sannan a 1980 László Babai da Paul Erdős da Stanley Selkow suka tabbatar cewa idan aka gina babban giraf da ka, ana jefa kwabo don yanke ko za a ja kowane layi, kusan kullum tace launi zai ba kowane ɗigo launinsa shi kaɗai. Idan haka ta faru aiki ya zo da sauƙi, domin haɗi ɗaya ne kawai ya rage a gwada, mai launi kaza da mai launi kaza.

Inda launi ba ya kamawa

Matsalar tana wajen giraf ɗin da kowane ɗigonsa ke da daraja iri ɗaya. Ɗauki zobe mai ɗigo shida, ka ajiye alwatika biyu a gefensa. Ɗigo shida, layi shida, kowa darajarsa 2. A zagaye na farko kowa shuɗi ne. A na biyu kowa ya duba ya ga maƙwabta biyu shuɗaye. Babu wanda ya rabu, tsarin ya tsaya cak, bai ga bambancin da yaro ɗan firamare zai gani ba.

Za ka ce ai sai a ƙirga gutsattsari. Gaskiya ne, amma ga wani. Gidaje uku da rijiyoyi uku, kowane gida da hanyarsa zuwa kowace rijiya: ɗigo shida, layi tara, kowa darajarsa 3. Na biyu kuma alwatika ABC da alwatika DEF, an haɗa A da D, B da E, C da F: ɗigo shida, layi tara, kowa darajarsa 3, kuma duka biyun a haɗe suke. Abin da ya raba su shi ne na biyun yana da alwatika biyu, na farko ba shi da ko ɗaya, domin duk hanya daga gida rijiya take zuwa, daga rijiya kuma gida, ba za ka dawo inda ka tashi da taku uku ba.

Kowane lokaci dai sai mu ciro sabuwar siffa ta cece mu. Tambayar da ta dace ita ce ko akwai ranar da za a gama tara siffofin, a ce duk giraf biyun da suka tsallake waɗannan ɗaya ne. Misalin da na fi so a nuna wa mai wannan fata shi ne na gidaje 16.

Zana allo mai layi huɗu a kwance da huɗu a tsaye, gida 16 ke nan, kowane gida ɗigo ne. A giraf na farko, haɗa duk gida biyun da ke layi ɗaya, a kwance ko a tsaye. Kowane gida zai samu maƙwabta shida, uku a layinsa na kwance, uku a na tsaye. A giraf na biyu, haɗa kowane gida da na damansa, da na hagunsa, da na samansa, da na ƙasansa, da na kusurwar sama ta dama, da na kusurwar ƙasa ta hagu, kuma wanda ya faɗa waje ta wani gefen allo ya ɓullo ta ɗaya gefen. Nan ma maƙwabta shida ne. Wannan na biyun ana kiransa da sunan S. S. Shrikhande, masanin lissafi ɗan ƙasar Indiya da ya bayyana shi a 1959.

Yanzu a kawo gwaje-gwaje. Ɗigo 16 a duka biyun, layi 48, daraja 6 a ko'ina, alwatika 32. Ka ɗauki kowane ɗigo biyu a cikin kowannensu, ko suna haɗe ko ba sa haɗe, za ka tarar maƙwabta biyu cif suka yi tarayya a kai. Akwai wasu lambobi da ake cirowa daga jadawalin haɗin giraf ta hanyar aljabara, waɗanda ke raba giraf da yawa, su ma a nan iri ɗaya suke fitowa. Hatta tsarin Weisfeiler da Leman mai ƙarfin, wanda ke shafa launi a kan ɗigo bibbiyu maimakon ɗaiɗai, bai ga komai ba.

Amma ba ɗaya ba ne. Zaɓi gida guda, ka rufe shi da yatsa, ka dubi yadda maƙwabtansa shida ke haɗe a junansu. A giraf na farko ukun da ke kwance sun yi alwatika, ukun da ke tsaye sun yi wata, babu layi tsakaninsu. A na Shrikhande shidan sun yi zobe ɗaya mai ɗigo shida. Alwatika biyu da zoben shida, wato ma'auratan nan da suka gagari tace launi ɗazu, su ne suka ɓuya a cikin unguwar kowane ɗigo.

Mai taurin kai zai ce to a shafa launin a kan ɗigo uku-uku, kuma lallai hakan ya raba waɗannan biyun. Sai dai a 1992 Jin-Yi Cai da Martin Fürer da Neil Immerman suka wallafa hujjar da ta rufe wannan ƙofa: ko ɗigo nawa-nawa ka zaɓa ka riƙa dubawa tare, uku ko goma ko ɗari, akwai giraf biyu mabambanta da za a gina waɗanda za su tsallake gwajinka. A ka'ida akwai siffar da ba ta kuskure, ita ce a sake jera ɗigogin kowane giraf bisa tsari guda tsayayye, ta yadda giraf biyu za su fito harafi da harafi iri ɗaya idan ɗaya ne. Amma samo wannan jerin bai fi ainihin tambayar sauƙi ba.

To yaya ake yi a aikace? Ana haɗa tace launi da gwaji. Idan launi ya tsaya, sai a zaɓi ɗigo ɗaya a shafa masa launin da ba kowa ke da shi ba, a sake tacewa. Gwada da zoben shida da alwatika biyu: shafa wa ɗigo ɗaya ja a kowanne. Maƙwabtansa biyu za su rabu da saura, a ce sun zama kore. A zagaye na gaba, koren da ke cikin alwatika yana ganin ja da kore, na cikin zobe kuwa yana ganin ja da shuɗi. Bambanci ya fito. Sai dai akwai tarko. Ɗigon da ka zaɓa a giraf na farko ba ka san abokinsa a na biyu ba, don haka kafin ka ce "a'a" dole ka gwada duk masu launinsa a can. Idan bayan zaɓi ɗaya launi ya sake tsayawa, sai a sake zaɓa, rassan gwaji su yi ta yawa. Manhajar nauty, wadda Brendan McKay ya rubuta kuma masu bincike ke amfani da ita shekaru da dama, a kan wannan hanya take, tare da dabarun sare rassan da maimaici ne kawai. A yawancin giraf da ake haɗuwa da su a wajen aiki tana gamawa nan da nan. Waɗanda ke wahalar da irinta su ne masu tsananin daidaito, irin waɗanda aka gina musamman don kowane ɗigo ya yi kama da kowane.

Ta fuskar ka'ida kuwa maganar ba ta ƙare ba. A watan Nuwamba na 2015 Babai, a Jami'ar Chicago, ya sanar da hanyar da ta fi duk na baya sauri nesa ba kusa ba ko a kan giraf mafi taurin kai. A Janairun 2017 Harald Helfgott ya gano gurbi a cikin hujjar, Babai ya toshe shi cikin 'yan kwanaki. Duk da haka hanyar tasa ba ta kai matakin da masana kwamfuta ke kira mai sauri na haƙiƙa ba, inda lokacin aiki ke ƙaruwa kamar yawan ɗigogi sau kansa sau wani ƙayyadadden adadi. Har yau ba a samo hanya irin wannan ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba.

Ga wanda yake da takarda a gabansa, a ganina tsarin aiki ɗaya ne ya fi: fara da siffofi masu arha, kuma ka yi amfani da su ta fuska biyu. Idan sun bambanta ka gama. Idan sun zo daidai, su ne za su rage maka 'yan takara, domin mai daraja 3 sai mai daraja 3, wanda ke cikin alwatika sai wanda ke cikin alwatika. Daga nan ka rubuta haɗin ƙarara, ɗigo da ɗigo, ka bi layukan duka ka tabbatar. Malamin da ya ba ɗalibi maki don kawai ya rubuta cewa jerin daraja ya zo daidai, ya ba shi makin abin da bai nuna ba.

A cikin giraf 34 masu ɗigo biyar, jeri uku ne kacal ke da giraf bibbiyu. Na ba ka na 2, 2, 2, 1, 1. Sauran su ne 3, 2, 2, 2, 1 da kuma 3, 3, 2, 2, 2. Nemo giraf biyu na kowanne da kanka, kuma idan ka rasa abin da zai raba su, ƙirga alwatika.